Tayin bincike daga Turai a tsakiyar yajin aiki: amsa uku da wata malamar jami'a ta bayar

Kafin tayin ya zo

Matar da zan ba da labarinta babbar malama ce a sashen nazarin ƙwayoyin cuta na wata jami'ar tarayya a Arewa, ofis ɗaya muke da ita shekara da shekaru, kuma da izininta nake rubuta wannan amma ta ce kar in kama suna, nata ko na makarantar. Zan riƙa ce mata Dakta kamar yadda kowa ke kiranta a sashen.

Aikinta a kan bakteriyar E. coli ne da ta daina jin magani, musamman wadda ake samu a ruwan da ke malalowa daga kwata. Da ɗan kuɗin binciken TETFund ta yi wani aiki, ta ɗebi ruwan lambatu a mahauta guda uku ta gwada, ta buga takarda a wata mujalla. Lab ɗin da ta yi aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai inkubeta biyu, akwai tukunyar dafa kayan gwaji, sai firiza irin ta gida mai kai digiri -20 in da wuta. Firizar -80 babu ita a sashen, akwai wata a wani tsangaya amma ta fi shekara a kashe.

Tsakiyar Maris 2022: wasiƙar ta shigo

ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, to wajen wata guda kenan makaranta ba ɗalibai sa'ad da imel ɗin ya zo. Wani farfesa ne daga wata jami'a a Turai, ya ce ya karanta takardarta, suna haɗa ayarin jami'o'i don neman kuɗi a shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai, kuma suna son abokin aiki daga Afirka ta Yamma. Abin da yake so a wajenta a bayyane yake. Ta riƙa ɗibar samfur 40 duk wata har shekara biyu, rabi ruwan kwata rabi bahayar mahautan da suka yarda, ta ware bakteriyar ta adana a -80, duk bayan wata shida a tura masu can su karanta jerin DNA ɗin. Kason jami'arta zai kai kamar yuro 180,000 cikin shekara uku, har da gurbin digirin digirgir ga ɗalibi ɗaya. Saura mako shida a rufe karɓar takardu.

Ba damfara ba ce, wannan kam ta tabbatar tun a daren. Adireshin imel ɗin na jami'ar ne, sunansa yana shafin sashensu, takardunsa ta san wasu ma ta taɓa kafa hujja da su.

Amsa ta farko, a daren nan

Ko sallar isha'i ba ta yi ba ta mayar da amsa, layi huɗu, ta ce ta ji daɗi ƙwarai, a shirye take, jami'arta za ta yi farin cikin shiga. Ba ta faɗa wa shugaban sashe ba, ba ta tambayi kowa ba. Da safe ta turo min hoton wasiƙar ta WhatsApp ta rubuta "kakarmu ta yanke saƙa".

Kwana biyu sai ga mai kula da ayyukan farfesan ta turo jerin abubuwan da ake buƙata da fayil ɗin Excel na kasafi. Suna son lambar PIC ta jami'ar, wato lamba tara ɗin nan da duk wata cibiya ke samu in ta yi rajista a shafin neman kuɗi na Tarayyar Turai. Suna son wasiƙar amincewa daga wanda ke da hurumin sa hannu a madadin jami'a. Suna son sanin wane kwamiti ne zai duba ɗa'ar binciken tunda akwai samfurin mutane, da wata nawa yake ɗauka. Sai wata tambaya a ƙasa da aka yi ta kamar ba komai: firizar -80 ɗinku tana da wutar ko-ta-kwana da na'urar da ke rubuta sanyinta?

Ƙarshen Maris: zagayen ofisoshi

Ta yi kwana biyar tana yawo. Ofishin daraktan bincike a kulle, ta same shi a waya, ya ce "Dakta ai kin san halin da ake ciki, ko na rubuta memo ba mai buga shi ba mai kai shi." Gaskiyarsa ce, domin a ƙarshen watan ne SSANU da NASU su ma suka tafi nasu yajin, wato sakatarori da ma'aikatan rajista da na ofishin kuɗi duk sun koma gida. Kwamitin ɗa'a bai zauna ba tun Janairu, kuma yawancin mambobinsa malamai ne. Lambar PIC kuwa duk wanda ta tambaya sai ya ce mene ne shi.

A ofishin ma'aji ta samu mutum ɗaya, wani dattijo da ya leƙo ɗaukar wasu takardu, shi ya zaunar da ita ya yi mata bayanin da ya fi komai sanyaya mata jiki. Ya ce tun 2015 kuɗin jami'o'in tarayya a asusun bai-ɗaya na TSA suke a Babban Banki, kuɗin waje in ya shigo fitar da shi a lokacin yana cin makonni ko da kowa yana bakin aiki, kuma irin wannan tallafin ba kyauta ba ce da za a miƙo a manta. Ana ba da wani kaso a gaba ta hannun jami'ar da ke jagoranci, sauran sai ka nuna rasit da takardar ranakun da kowane ma'aikaci ya yi a kan aikin, in mai binciken kuɗi ya ƙi wani kashi to jami'a ce za ta amayo shi. Ya duba fayil ɗin ya nuna mata cewa 180,000 ɗin ma ba duka na aiki ba ne, 144,000 ne na aiki, 36,000 shi ne kaso 25 cikin ɗari da shirin ke ɗorawa don hidimar makaranta, wuta da ruwa da ofis. Ya ce "ranki ya daɗe, wannan kason na wuta ne, tambayar ita ce ko zai iso lab ɗinki."

Maganar wuta kuma ta zo a mummunan lokaci. A tsakiyar watan nan babban layin wuta na ƙasa ya faɗi sau biyu a jere, dizal ya haura naira 600 lita, janaretan tsangaya sai ranar da aka ga dama. Dakta ta ari wata 'yar na'urar auna sanyi mai ajiye bayanai wajen wani abokin aiki, ta jefa ta cikin firizar -20 ta bar ta kwana bakwai. Da muka buɗe a kwamfuta zanen kamar haƙoran zarto, sau biyu sanyin ya haura sama da sifili, sau ɗaya ya kai +6 ya zauna a nan kusan yini.

Ga wanda ba fanninsa ba, ga abin da wannan ke nufi. Bakteriya ana adana ta a ruwan gilisarol a daskare, a -80 takan yi shekaru lafiya. In tana narkewa tana sake daskarewa ƙanƙara na farfasa ta tana mutuwa, wadda ta rage sai an yi ta sake shuka ta a faranti don kar a rasa ta, kuma a wajen yawan sake shukar nan ne takan zubar da falasmid, ɗan zoben DNA ɗin da sau da yawa shi ke ɗauke da sirrin ƙin jin maganin. Kenan ka tura samfur Turai a karanta a ce ba a ga komai ba, alhali ranar da aka ɗebo shi daga kwata akwai. Ko an gyara waccan -80 ɗin da ke kashe, irin ta tana shan kilowat-awa 10 zuwa 20 a rana, ba dare ba rana, in wuta ta ɗauke cikin 'yan awoyi ta fara ɗumi.

Farkon Afrilu: amsa ta biyu, wato shiru

Azumi ya kama. Mai kula da ayyukan ta turo tuni sau biyu, farfesan da kansa ya turo sau ɗaya cikin ladabi. Dakta ba ta amsa ko ɗaya ba har kwana goma sha ɗaya. In na tambaye ta sai ta ce tana jiran darakta ya kira. Daga baya ta faɗa min gaskiya, kunya ce, ta ce ta yaya za ta rubuta wa mutumin da ta ce wa a shirye take cewa firiza ma ba ta da ita, kuma tana tsoron ya ce 'yan Najeriya dama haka suke.

A cikin kwanakin nan ne shawarwari suka yi ta zuwa, kowa da tasa. Wani ya ce ta yi wa jami'ar rajistar PIC da kanta ai minti goma ne. Hakan na yiwuwa kuwa, kowa na iya buɗe rajista ya samu lamba a ma miƙa takardar neman kuɗin da ita, sai dai in an ci, kafin a sa hannu sai an tantance cibiyar da takardun kafa ta, sannan shugabanta ya naɗa wakili na hukuma da suke kira LEAR, wannan kuma ba malama ce za ta yi daga wayarta ba. Wani ya ce a bi da kuɗin ta wata ƙungiyarsa mai rajista ya cire kaso goma. Ta ce masa to lab ɗin na wa, ɗalibin na wa, in aka zo bincike wa zai tsaya. Wani kuma ya ce shugaban sashe ya sa hannu a takarda mai tambarin jami'a kawai, Bature ina ya san bambanci. Da ta kai wa shugaban sashen wannan, ya cire tabarau ya ce "Dakta, ni shekara biyu ta rage min in yi ritaya, ki rufa min asiri."

Wadda ta ɗan ja hankalinta ita ce ta aron gurbi a firizar wani asibitin koyarwa mai nisan awa biyu a mota. Ta kira, suka ce ba matsala ta kawo. Da ta ce a rubuta mata, nawa ne gurbin, shekara nawa, wa ke da alhaki in ta lalace, sai maganar ta koma bari oga ya dawo.

Tsakiyar Afrilu: amsa ta uku

Saura kwana goma sha biyu a rufe. Wata tsohuwar malamarta da ta yi ritaya, wadda ta taɓa riƙe irin wannan tallafin, ita ta tsawata mata a waya. Ta ce "ke 'yata, mutumin nan yanzu yana rubuta sunanki a shafi talatin na takardarsa, duk kwanan da kika ƙara sai ya fi wahalar cirewa. Ki faɗa masa yau." Ta kuma ba ta shawara ɗaya, kar ta ɗauki tayin dunƙule guda da za a ce masa e ko a'a, ta warware shi ta ga wane yanki ke buƙatar sa hannunta ita kaɗai, wane ke buƙatar na jami'a, wane ne ko an sa hannu ba zai yiwu ba.

Bayan buɗa baki muka zauna da ita. Zubin farko da ta rubuta shafi biyu ne, rabinsa tarihin rikicin ASUU da gwamnati tun yarjejeniyar 2009, da ban haƙuri wajen sau bakwai. Muka share. Wanda ya tafi bai kai kalma 350 ba, da Turanci ne amma ga abin da ya ƙunsa.

Jimlar farko ita ce hukuncin, kafin ma godiya ta yi nisa: jami'armu ba za ta iya shiga wannan zagayen a matsayin mai karɓar kuɗi ba, kuma amsata ta farko na ba da ita ne kafin in bincika, wannan kuskurena ne, shirun da ya biyo baya ma haka. Haƙuri sau ɗaya, ta wuce.

Sai dalilai uku, kowanne da ma'auninsa. Ma'aikata suna yajin aiki kuma ba ranar dawowa, saboda haka ba mai hurumin da zai iya kammala takardun kafin wa'adi. Kwamitin ɗa'a ba ya zama, in ya dawo ma yakan ɗauki kamar wata uku. Ba mu da ajiyar -80, ga zanen sanyin firizarmu na kwana bakwai na haɗa da wasiƙar. A kan haɗa zanen nan mun yi gardama, ni na ce tonon asiri ne, ita ta ce da ta yi ta kwatance gara ya gani da idonsa. Ba ta zagi makarantar ba, ba ta ɗora wa wani ofis laifi ba, don ta san ana iya tura wasiƙar gaba, kuma ita da kanta ta sa shugaban sashe da daraktan bincike a kwafi bayan ta karanta masu a waya sun ce ta tura.

Kashi na uku shi ne abin da za ta iya. Ta san kwatocin nan da sarakunan fawa, za ta iya duba tsarin ɗibar samfur ta gyara abin da ba zai yi aiki a nan ba, misali sun tsara a ɗebi ruwa da hantsi alhali yanka yakan ƙare tun da sassafe a wanke wurin. Za ta iya shiga a matsayin da fom ɗinsu ke kira "Associated partner", mai aiki cikin ayarin amma ba ya karɓar kuɗi daga asusun kuma ba ya sa hannu a yarjejeniyar tallafin. Kuma in an dawo aiki za ta iya yin ƙaramin gwaji da ruwan kwata zalla ba samfurin mutane, ta tatsi DNA a nan ta tura shi maimakon bakteriya mai rai. Wannan na ƙarshen yana da dalili biyu. DNA yana jure rashin sanyi fiye da bakteriya nesa ba kusa ba, sannan a dokar jigilar jirgin sama yawancin E. coli da aka shuka suna tafiya ne a rukunin UN3373, amma nau'in mai guba irin O157 da ake samu a kashin shanu yana rukunin UN2814 mai tsananin sharuɗɗa da tsada, wanda ke ɗiba daga kwata kuwa bai san wanne ya kamo ba sai ya gwada.

Na huɗu, ta ba shi sunan wata cibiya a Najeriya da ke da -80 da sola da ofishin tallafi mai aiki, bayan ta kira mutumin can ya amince a ambace shi. Ta rufe da cewa za ta sake rubuto masa cikin mako biyu da janye yajin aiki, ta faɗa masa inda kowane ɗaya daga cikin ukun nan ya kwana.

Abin da ya biyo baya, Afrilu 2022 zuwa 2023

Kwana biyu ya amsa. Bai ɓoye ba cewa da ya san haka tun a Maris da ya fi masa sauƙi, sai da suka sake rubuta wani babi gaba ɗaya cikin mako guda. Ya ɗauki waccan cibiyar, kuɗin da gurbin ɗalibin suka koma can. Ya sa Dakta a matsayin da ta nema, wanda shi ma yana buƙatar PIC ko da ba a tantance ba, kuma abin dariya da mai kula da ayyukan ta bincika sunan jami'ar a rajistar sai ga lamba, wani ya buɗe shekarun baya ba wanda ya sani.

A sashe an sha magana. Wani ya ce mata a gabana ta ɗauki tuwonta ta kai gidan maƙwabta.

Takardar neman kuɗin ba ta ci ba. Sakamako ya fito bayan wasu watanni, ba su samu kuɗin ba, wanda ba abin mamaki ba ne a irin wannan gasar.

An janye yajin ASUU ranar 14 ga Oktoba, kafin ƙarshen watan ta rubuta masa kamar yadda ta yi alkawari. Ta kai tsarin ƙaramin gwajin gaban kwamitin ɗa'a duk da ba mutane a ciki, ya fito a Janairun 2023. Yarjejeniyar tura samfur, MTA, ita ta fi cin rai, wata huɗu tana kai da kawowa tsakanin lauyoyin jami'o'in biyu, inda aka fi tsayawa shi ne Dakta ta dage sai an rubuta cewa za a ba ta ɗanyen bayanan DNA ɗin duka kuma ba mai bugawa ba da sunan ɓangarenta ba. Shi kuma ya samo ɗan kuɗi daga jami'arsu ya sayi kayan tatsar DNA ya aiko da su kaya ba kuɗi ba, don haka maganar asusu ba ta taso ba. Ta tura samfur 60, guda 52 suka wuce gwajin inganci, takwas DNA ɗinsu ya yi kaɗan. Da wannan sakamakon ta rubuta wa tsangaya takarda, aka gyara -80 ɗin aka haɗa mata batir da sola, ko da yake har yau na'urar auna sanyin nan tana ciki, ba ta yarda ta cire ba.

Hukuncina

Amsar farko ce ta haifi ta biyu. Da a daren nan ta rubuta ina sha'awa, ba ni kwana biyar in tambayi makaranta, ga tambayoyina a kan ajiya da ɗa'a da sa hannu, da ba abin jin kunya balle shiru, kuma duk abin da ta faɗa a wasiƙa ta uku ta riga ta san shi tun ƙarshen Maris. Ta yi magana da bakin jami'a a wurin da bakinta kawai take da shi. Shirun kuwa shi ya fi yi wa farfesan ɓarna, ya cinye masa wajen rubu'in lokacinsa.

Wasiƙa ta uku ta yi aiki ne a ganina saboda ta ba shi abin da zai yanke shawara da shi a ranar, a'a a layin farko, dalilan da zai iya nuna wa sauran ayarin ba tare da ya ƙara bayani ba, da wanda zai maye gurbi. Zanen firizar da na ce kar a tura shi ne abin da ya ambata a amsarsa, ni na yi kuskure a nan. Komawa ga DNA da ruwan kwata zalla shi ya mayar da aikin daidai ƙarfin lab ɗinta.

Inda har yanzu muke saɓani da ita shi ne miƙa sunan waccan cibiyar ba tare da sharaɗi ba. Da takardar ta ci, da su ke da kuɗi da ɗalibi da samfur daga kwatocin da ita ta buɗe ƙofarsu, ita kuma ba ta da komai a rubuce sai suna a jerin abokan aiki. Ni da zan so ta nemi a rubuta tun a lokacin cewa ɗalibin na haɗin gwiwa ne, ita ma mai duba shi ce. Ita ta ce da saura kwana goma sha biyu, kuma ita ce mai laifin jinkirin, ba ta ga fuskar yin ciniki ba.